Haƙoran Wa Za a Gani? Zaɓin Hanyar Gyaran Baki a Aikin Musanya Fuska

Wanda ya taɓa ɗora fuskar mutum a kan jikin wani a bidiyo ya san inda aikin ke tona asirinsa. Ido ya zauna, hanci ya zauna, launin fata ya daidaita, sai mutumin da ke cikin bidiyon ya yi murmushi, kawai ka ga wani farin layi kamar an goga alli a inda ya kamata a ga haƙora. Wani lokaci kuma haƙoran na nan, amma suna rawa, a wannan firam, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan bidiyon, guda shida, a na gaba guda bakwai. Matsalar ta fi tsanani idan hotunan wanda aka ɗauko fuskarsa duk bakinsa a rufe yake, shi kuwa wanda ke cikin bidiyon yana ta washe baki.

Don kada magana ta rikice, wanda aka ɗauko fuskarsa zan kira shi mai fuska, shi ne manhajoji ke rubutawa `source` ko `src`. Wanda ke cikin bidiyon, wanda za a rufe fuskarsa, zan kira shi mai jiki, wato `target` ko `dst`. Misalin da za mu bi shi ne na ɗan gajeren fim: wata 'yar wasa ba ta samu zuwa wurin ɗauka ba, wata ta tsaya a madadinta, dukansu sun amince a ɗora fuskar ta farko a kan ta biyu. Fitowar daƙiƙa 12 ce, firam 25 a kowace daƙiƙa, jimilla firam 300. Daga wajen firam na 90 zuwa na 210 mai jiki tana murmushi har haƙoran sama sun bayyana. Hotunan mai fuska da ke hannu kuwa, ba ko ɗaya da ta buɗe baki.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, haƙoran da za su fito a ƙarshe daga wuri uku kaɗai za su iya zuwa. Ko dai na mai jiki ne aka bar su a wurinsu, ko na mai fuska ne na gaskiya da aka nemo, ko kuma ƙirƙirarru ne da na'ura ta zana, waɗanda ba na kowa ba. Duk wani maɓalli da za ka taɓa, ɗaya daga cikin ukun nan yake ba ka, ko da sunansa bai nuna haka ba.

Kafin zaɓi, sai an san dalilin lalacewar

Dalilin ya bambanta da irin kayan aikin da kake amfani da shi, kuma mutane da yawa suna shan wahala ne saboda suna ba wa wata cuta maganin wata.

Idan da hoto ɗaya kake aiki, da na'urar musanya irin `inswapper_128` da ke cikin manhajojin FaceFusion da ReActor, to ka sani na'urar ba ta yanko hoton mai fuska ta liƙa ba. Tana duba fuskar ne ta mayar da kamanninta lambobi 512, sannan ta sake zana fuskar mai jiki da waɗannan lambobin. Buɗe baki da rufe shi, da yanayin murmushi, duk daga mai jiki suke zuwa. Saboda haka rufaffen bakin mai fuska ba shi ne babban mai laifi ba a nan, ko da yake yakan ɗan ja leɓɓa su ƙi buɗewa yadda na asali suka buɗe. Babban mai laifin shi ne ƙanƙantar hoton. Fuskar gaba ɗaya fiksel 128 ce a tsaye da kwance, kuma daga wannan kusurwar baki zuwa waccan kusan fiksel 30 ne, ya ɗan ƙaru idan ana murmushi. Raba wannan wa haƙora takwas, kowane ya tashi da fiksel huɗu ko ƙasa da haka. Siririn duhun da ke raba haƙori da ɗan'uwansa bai kai fiksel ɗaya ba, don haka sai ya narke. In aka faɗaɗa wannan hoton ya cika fuskar da ta kai fiksel 600 a bidiyo, farin layin nan ne zai fito.

Idan kuwa horar da samfuri kake yi, wato koya wa na'ura fuskar da hotuna masu yawa, kamar `SAEHD` na manhajar DeepFaceLab, labarin daban ne. A tsarin `df`, sashen da ke zana fuskar mai fuska daga hotunanta kaɗai yake koyo. In bai taɓa ganin haƙoranta ba, bai san su ba, ko da za ka bar kwamfuta tana aiki wata guda. Zai gane cewa bakin mai jiki a buɗe yake, amma ba shi da abin da zai zuba a ramin, sai ya cika shi da hazo mai launin toka ko ruwan hoda, ko ya ƙi buɗe leɓɓan sosai. Ga wani ƙarin dalili: a hoton horo mai fiksel 256, cikin baki bai wuce faɗin 50 da tsayin 15 ba, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na hoton. Kuskure a ɗan wannan wurin ba ya damun lissafin horon, shi ya sa haƙora ke cikin abubuwan da ke fitowa a ƙarshe ko da kayan horon sun cika.

Hanya ta farko: a bar wa mai jiki haƙoranta

Wannan ita ce hanyar da nake fara gwadawa kusan kullum, kuma ita ce na fi so in tsaya a kanta. Dabarar mai sauƙi ce. Akwai wani shinge, wanda manhaja ke kira `mask`, da ke nuna inda sabuwar fuska za ta rufe da inda za ta bari. Sai ka huda rami a shingen daidai cikin baki, haƙora da harshe da dasashin asali su leƙo ta ciki.

Amfaninta ya wuce kaifin hoto. Haƙoran nan kyamara ce ta ɗauke su, a cikin hasken wurin, da inuwar da leɓen sama ya jefa musu, da ɗan dishi-dishin da motsi ke kawowa idan mutum ya juya kai da sauri. Ba sa rawa, domin suna manne a kan ƙashin mai jiki. Babu wata na'urar zane da za ta ba ka wannan duka a firam 120 a jere.

A FaceFusion ana yin haka ta zaɓen sassan fuskar da za a musanya, a bar `mouth` a waje. Kalmar `mouth` a nan cikin baki take nufi, leɓɓa suna da nasu sunayen:

```
--face-mask-types box region
--face-mask-regions skin left-eyebrow right-eyebrow left-eye right-eye nose upper-lip lower-lip
```

A DeepFaceLab kuwa, cikin editan `XSeg` ake zagaye cikin bakin mai jiki a matsayin wurin da aka cire, a yi haka a firam da dama masu buɗewar baki daban-daban, a horar da shingen, sannan a lokacin haɗawa a zaɓi `XSeg-dst`.

Inda hanyar ke ba da wahala shi ne bakin ramin. Idan an yanka ramin bisa leɓɓan mai jiki, kamar a `XSeg-dst`, leɓɓan da ke zagaye da shi yanzu na mai fuska ne, kuma ba lallai su buɗe daidai ba. A misalinmu, tun da sabuwar fuska ta saba da rufaffen baki, leɓenta na sama yakan sauko ƙasa da na asali da ɗan kaɗan. Sakamakon shi ne ramin ya ci wani ɓangare na sabon leɓen, sai ka ga kamar leɓe biyu, ko wani siririn layi ja tsakanin leɓe da haƙora. In kuma sabon bakin ya fi na asali buɗewa, za ka ga zoben hazo a zagaye da haƙora masu kaifi, ragowar haƙoran bogi ke nan suna leƙowa.

Magani na kusa shi ne a faɗaɗa ramin ya haɗa da leɓɓan, wato a cire `upper-lip` da `lower-lip` daga jerin. Nan take matsalar leɓe biyu ta ɓace, domin baki duka ya koma na mutum ɗaya. Amma akwai abin da aka biya. Leɓɓa suna ɗauke da kamanni sosai. In mai fuska tana da cikakken leɓen ƙasa, mai jiki kuma nata siriri ne, wanda ya san ta zai ji wani abu bai yi ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Sannan wurin haɗin ya tashi daga cikin baki mai duhu, inda ɓoye shi ke da sauƙi, ya dawo kan fata a fili, inda ɗan bambancin launi ke bayyana. Hukuncina shi ne, idan leɓɓan mutanen biyu sun yi kama, a cire su tare da cikin bakin a huta. Idan sun bambanta, a bar sababbin leɓɓan, a gyara bakin ramin da hannu.

Gyaran hannun ba abin tsoro ba ne a gajeren aiki irin wannan. Ka fitar da bidiyon da aka musanya, ka ɗora shi a kan na asali a cikin DaVinci Resolve ko After Effects ko Nuke, ka zana ramin da kanka a gefen ciki na sababbin leɓɓan, ka sassauta gefensa da fiksel biyu ko uku. Ba sai ka zana duk firam 120 ba. Ka sa alama a inda baki ya fara buɗewa, inda ya kai iyaka, inda ya fara rufewa, sai ka cike tsakani duk bayan firam biyar ko shida. Wurin da ya fi neman ido shi ne firam na 88 zuwa na 95, lokacin da leɓɓa ke rabuwa. Shingen da na'ura ke yi da kanta tana duba kowane firam ne shi kaɗai, don haka a wannan ɗan tsakanin yakan ga ramin a firam ɗaya, ya rasa shi a na gaba, haƙoran su yi ta ƙiftawa kamar fitila mai matsala.

Abu ɗaya da ke ruɗar mutane: sun bar haƙoran asali da kyau, sai su kunna `face_enhancer`, mai goge fuska ya ƙara mata kaifi, a kai. Wannan matakin yana zuwa ne bayan musanyar, kuma fuskar duka yake bi, har da haƙoran da aka wahala wajen cetowa. A bar mayar da cikin baki ya zama aiki na ƙarshe.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Haƙoran ba na mai fuska ba ne. In tana da wushirya, ko fiƙa mai tsini, ko haƙori ɗaya da ya hau kan ɗan'uwansa, kuma masu kallo sun san ta da shi, to murmushin ba nata ba ne. Haka in mai jiki ce ke da alamar da ta fita daban, kamar giɓi ko ƙarfen gyaran haƙora.

Hanya ta biyu: a nemo haƙoran gaskiya

Idan mai fuska tana raye, tana kusa, kuma da yardarta ake aikin, wannan hanyar ta fi yadda ake zato sauƙi. Minti uku a gaban kyamara sun isa su canza komai. A sa ta yi murmushi kaɗan, ta yi babba, ta yi dariya har haƙoran ƙasa su fito, ta furta a, e, i, o, u a hankali, tana yi tana juya kai dama da hagu, sama da ƙasa, musamman zuwa kusurwar da mai jiki take fuskanta a fitowar. Haske ya shiga cikin bakin, kada ya zo daga sama kaɗai ya bar shi baƙi ƙirin, kuma kada ya yi ƙarfin da haƙoran za su ƙone su zama fari fat ba tare da iyaka tsakaninsu ba. Sai a tsinko hoto biyar a kowace daƙiƙa:

```
ffmpeg -i sabon_dauka.mp4 -vf fps=5 data_src/%05d.png
```

Minti uku za su ba da hoto 900. A zubar da masu dishi-dishi ba tausayi, domin haƙori mai hazo a kayan horo haƙori mai hazo yake haifarwa.

A wajen horon, tsari yana da tasiri. Ana farawa da `random_warp`, mai lanƙwasa hotunan horo, a kunne har fuska ta kama siffa, a kunna `eyes_mouth_prio` don lissafin ya ba wa ido da baki nauyi fiye da girmansu, daga baya a kashe `random_warp` don ƙananan layuka su fito. `gan_power` a ƙarshe yake zuwa, da ƙaramin adadi kamar 0.1, bayan an ajiye kwafin samfurin. Ina jaddada wannan saboda na sha ganin ana kunna shi da wuri da fatan zai haifar da haƙora. Aikinsa ƙara kaifin abin da samfurin ya riga ya koya ne. In babu haƙora a kayan horon, hazon zai kaifafa, ya koma wasu farare masu siffa marar kan gado.

Sai dai a lura, wannan hanyar ta mai horar da samfuri ce. A kayan aikin hoto ɗaya, ƙara hoton murmushi yana taimaka wa siffar leɓɓa da kumatu, amma lambobi 512 ɗin nan ba sa ɗauko tsarin haƙora ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sa ran wushirya ta tsallako ta wannan ƙofar. Kuma horo yana cin kwanaki da katin zane mai ƙarfi. Don daƙiƙa biyar na murmushi a fitowa guda, sau da yawa wahalar ta fi ribar. In fim ɗin na da fitowa ashirin da fuskar kusa da kyamara, lissafin ya juya.

Hanya ta uku: a bar na'ura ta ƙirƙira

Nan ne GFPGAN da CodeFormer suke shigowa. Dukansu suna ɗaukar fuska mai hazo su sake zana ta a fiksel 512, da abin da suka koya daga dubban hotunan mutane. A hoto guda tsayayye, sakamakon kan burge: farin layin nan ya rabu ya zama haƙora masu iyaka. Amma haƙoran na kowa da kowa ne, jerarru, farare fiye da hasken wurin, kamar na tallan man goge baki. A bidiyo kuma kowane firam zanensa daban, ba ya tuna abin da ya zana a na baya, shi ya sa layukan tsakanin haƙora ke zamewa hagu da dama.

CodeFormer yana da ma'auni `-w` daga 0 zuwa 1. Ƙasa-ƙasa yana ba shi 'yancin ƙirƙira, hoton ya yi kyau amma ya yi nisa da asali. Sama-sama yana tsare shi kusa da abin da aka ba shi. Don baki a bidiyo, gara a tsaya wajen 0.7 ko sama, a karɓi ɗan laushi a madadin rawa. Kafin ma a kai nan, mai FaceFusion ya gwada `--face-swapper-pixel-boost 512x512`. Wannan yana rarraba babban hoton zuwa ƙananan hotuna 16 masu fiksel 128, ya musanya kowanne, ya sake saƙa su. Ya fi jinkiri, amma bayanin da yake ƙarawa daga bidiyon asali yake fitowa, don haka ya fi zama wuri ɗaya.

Akwai kuma masu ɗaukar hoton mai fuska su sa ta murmushi da LivePortrait ko wata manhajar zane, sannan su zuba waɗannan hotunan cikin kayan horo. Yana koya wa samfurin buɗe baki, wannan gaskiya ne. Amma in kowane hoto da irin haƙoransa, samfurin zai ɗauki matsakaicinsu, matsakaicin haƙora daban-daban kuwa hazo ne. Wanda zai bi nan ya tsaya a kan tsarin haƙora ɗaya a duk hotunan, kuma ya sani cewa ya ba wa mutum bakin da ba nasa ba.

Yadda za ka gane ko ya yi

Gwajin da na fi yarda da shi daga ƙirar jiki ya fito. Haƙoran sama a manne suke da ƙoƙon kai, don haka tare da hanci suke motsi, ba tare da leɓe ba. Haƙoran ƙasa kuma haɓa suke bi. Ka sa ɗan ɗigo a layin da ke tsakanin manyan haƙoran gaba biyu na sama, ka bi firam ɗaya bayan ɗaya kana kallon nisansa da ƙasan hanci. In kai bai juya ba amma nisan yana canzawa, ko haƙoran suna hawa da sauka tare da leɓe, ƙirƙirarru ne kuma mai kallo zai ji haka a jikinsa. Sannan ka duba kusurwoyin baki: a murmushin gaskiya haƙora suna shigewa cikin duhu a gefe, ba sa ci gaba da haske har ƙarshe. In akwai magana a fitowar, ka tsaya a kan harafin m da b, leɓɓa su haɗu sarai ba tare da wani fari ya rage a tsakani ba. Bayan duk wannan, ka kalli fitowar a gudunta na asali, a girman allon da za a kalle ta, domin akwai aibin da ke bayyana a firam tsayayye amma ba ya ganuwa a motsi, akwai kuma rawar da sai a motsi take fitowa.

A misalinmu na firam 300, ga abin da zan yi. Zan fara neman sabon hoton mai fuska tana dariya, ko da a waya ne ta turo, don in ga ko haƙoranta na da wata alama ta musamman. In babu, kuma na mai jiki ma babu, zan musanya da `pixel-boost`, in yi duk wani gogen fuska da zan yi, sannan in mayar da cikin bakin asali da shingen hannu daga firam na 88 zuwa na 212, in bar sababbin leɓɓa a wurinsu. Aikin yini ɗaya ne. In kuwa tana da wushiryar da kowa ya san ta da ita, kuma kyamara na kusa, zan nemi minti ukun nan in horar, ko kuma in ɗauki murmushinta a kusurwa da haske irin na fitowar, in ɗora cikin bakinta kai tsaye a kan firam ɗin, in ɗaure motsinsa da hanci. Ƙirƙirarrun haƙora zan bar su ga hoton fosta, ko fitowar da fuskar ke nesa har faɗin bakin bai wuce fiksel 40 a allo ba.